Saƙon da Na Aika wa Ɗan Wani

A daminar farko bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula abin ya faru. Ina riƙe da shekarar ne saboda har lokacin hotunan 'yan takara suna manne a ƙyauren shagona, ruwa ya jiƙa su sun kumbura, ban kuma samu sukunin ɓamɓare su ba. Sana'ata gyaran keken ɗinki ce. Ina da shekara arba'in da shida, kuma shekarata ta biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a firamaren unguwarmu, Yindiski, a nan Potiskum. Na iya karatu, amma a hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi. Rubutu kuwa ya fi karatun ba ni wahala.

Babban ɗanmu yana karatu a Malesiya, gwamnati ce ta tura su. Wasiƙa takan yi wata guda ko fiye kafin ta isa gare shi, wata ma ba ta isa. Shi ne ya rubuto mana cewa akwai abin da ake kira imel, wasiƙa ce da ke tafiya ta kwamfuta, in nemi inda ake yi a gari. Na samu a wani shagon buga takardu kusa da tasha. Kwamfutarsu ɗaya ce ke wannan aiki, adireshi kuma ɗaya ne na shagon, kowa da shi yake aikawa, da shi kuma ake aiko masa. Za ka zauna ka faɗi maganarka a buga, a ajiye ta cikin na'urar tare da na sauran mutane. Da azahar da kuma yamma sai a haɗa kwamfutar da layin tarho, ta kira Kano, ta yi ta ƙugi kamar kaza ta shaƙe, sannan saƙonnin su fita gaba ɗaya, waɗanda aka aiko su shigo. Na taɓa aikawa sau huɗu. Duk mai shagon ne ya buga mini, ya kuma san ɗana tun yana yawo ba wando, don haka bai taɓa tambayata wa za a aika wa ba.

A daminar nan ne na kai mai ɗakina babban asibiti a Maiduguri. Ta daɗe tana rama, tana cewa zafin suyar ƙuli-ƙuli ne, domin sana'arta ke nan, tana matsar man gyaɗa tana sayarwa a gida. Likita ya kira ni gefe, ita kuma ta ce a faɗa a gabanta tunda jikinta ne. Ciwon daji ne, ya kuma yi nisa.

A hanyar dawowa muka wuce Damagum, garin da mahaifiyarta take. A nan ta ce tana da roƙo ɗaya. Kada kowa ya ji sai bayan kaka, in an gama shigar da gyaɗa. Ta ce ta san mutanenmu, da sun ji za su daina yi mata tsiya, su daina faɗa da ita, kowa ya shigo sai ya sassauta murya.

"Ba na son a fara yi mini kallon gawa ina tsaye da ƙafata," in ji ta. "Wata biyu nake roƙo. Yaron nan kaɗai za ka gaya wa, shi yana da haƙƙi."

Na ce na ɗauka.

Ranar Talata da safe na je shagon. Mai shagon ya tafi Damaturu. Wadda na tarar a kan kwamfutar wata mata ce mai kamun kai, ta yi shekaru tana buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ta dawo nan, ban taɓa zama a gabanta ba. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya, domin akwai mutum uku a kan benci suna jira. Abin da na faɗa gajere ne. Ɗana, bayan gaisuwa, na kai mahaifiyarka asibiti a Maiduguri wancan mako, sun ce ciwon daji ne kuma ya yi nisa. Ba ta son kowa ya sani. Kada ka taso, ka yi mata addu'a. Mahaifinka. Ta buga ba ta ɗago ba, sai dai na ga ta ɗan dakata a tsakiya.

Sai ta tambaye ni sunan wanda za a aika wa.

Ni ban taɓa kiran sunan yaron nan ba. Ɗan fari ne, kuma haka muka tarar da iyayenmu suna yi, mahaifina ya rasu ban ji sunan yayana a bakinsa ba. A gida "yaron nan" muke cewa, ko "wancan". Da na nemi biro na rubuta mata, da an wuce wurin. Amma ɗaya daga cikin na kan bencin tela ne da nake yi wa gyara, mutum mai baki, na kuma ji nauyin ya zauna yana kallona ina zana baƙi ɗaya-ɗaya. A sau huɗun nan na lura da yadda mai shagon yake yi, yakan buɗo jerin sunayen duk waɗanda mutanen gari suke aika wa, ya taɓa layi na uku. Na ce ta buɗo jerin. Na miƙe na ɗora yatsa a kan gilashin, a layi na uku.

Ta ce, "Wannan, Baba?"

Na ce shi ne. Ban karanta ba. Wurin kawai na sani. Abin da ban sani ba shi ne jerin nan bisa baƙaƙen sunaye yake shirya kansa, in an ƙara sabon suna na ƙasa sai su gusa. Wata guda rabona da shagon.

Na roƙi ta buga mini kwafi a takarda, kamar yadda nake yi kullum, don in riƙa gwada karatu da shi. Da yamman nan na karanta jikin saƙon sau biyu. Bayan magariba aka yi ruwa mai ƙarfi da iska. Sai da safiyar Laraba, ina zaune a shago babu aiki, na ce bari in gwada ƙananan layukan nan na sama, na Turanci, waɗanda nake tsallakewa. Na bi su da yatsa har na zo inda sunan yaron nan ya kamata ya kasance. Sunansa shi ne abu na farko da na koya wa kaina rubutawa, tun kafin nawa, na cika bayan littafina da shi. Wanda na gani a takardar ba shi ba ne. Baƙin farko ɗaya ne, sauran duk daban.

Na rufe shago na tafi. Matar ta karɓi takardar ta duba, ta buɗe kwamfuta ta sake dubawa, ta cire tabarau. Saƙon ya fita tun azahar ɗin jiya. Na tambaye ta ko akwai yadda za a janyo shi, ko a kashe shi daga nan. Ta ce babu, da yana cikin waɗanda ke jiran fita da ta cire shi a gabana, amma wanda ya tafi ya zama na wanda ya karɓa, ko mun goge namu kwafin nasa yana can. Ta san mai adireshin. Ɗan wani ɗan kasuwa ne a unguwar Bolewa, cikin Kanawan nan da suka daɗe a garin, yana aiki a wani kamfani a Legas, mahaifinsa yakan aika masa saƙo daga wannan shago. Abin da ya rage, in ji ta, shi ne a rubuta masa a ba shi haƙuri, a roƙe shi ya goge. Ta so ta ɗauki laifin, ta ce ya kamata ta karanta mini sunan da ƙarfi. Na ce yatsana ne ya nuna.

Na ce wannan karon ni zan rubuta. Ta ba ni takarda da biro ta ci gaba da aikinta, ba ta kalle ni ba, na kuma gode mata a raina. Na farko da na rubuta ya yi tsawo, har na sake faɗin ciwon. Ta ce in cire, domin in bai buɗe wancan ba tukuna, kada wannan ya ja shi ya buɗe. Na sake, ya ɗauke ni kusan sa'a guda. Ga abin da ya rage:

"Assalamu alaikum. Saƙon da ya zo maka ranar Talata daga wannan adireshi ba naka ba ne. Kuskurena ne, ka yi haƙuri. Don Allah ka goge shi, in ka buga a takarda ka yaga, kada ka gaya wa kowa. Amana ce aka ba ni. Na gode."

Ita ta ƙara layi ɗaya da yardata, cewa ya duba kwandon sharar kwamfutar ya goge a can ma, domin sharewar farko ba ta fitar da abu gaba ɗaya. Sannan na rubuta mata sunan yaron nan a takarda, ta nemo shi, yana layi na biyar, ta sake shirya masa saƙonsa. Da azahar ta haɗa layi. Shiru. Ruwan jiya ya kashe tarho a duk wannan ɓangaren gari. Saƙonni biyun suka zauna a cikin na'urar.

Da na koma gida na tarar da mai ɗakina tana tace mai. Na jira ta gama, ta rufe galan, sannan na gaya mata, ban rage komai ba. Ta daɗe tana goge hannu da tsumma. Ta ce ni da ko allura ba na ɗaura wa keke sai na duba sau biyu. Ta tambayi ko na sa sunanta a ciki, na ce ta san ban taɓa ba. Ko nawa? Na ce "mahaifinka" kawai na ce. Ta ce to da sauƙi, wanda ya karanta ba zai san ko wace ce ba. Ta zuba mini tuwo. Daga ni har ita babu wanda ya yi tunanin abin da hakan ke nufi ga wanda ya karɓa.

Alhamis na je sau biyu, layi bai dawo ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya dawo, saƙonnin suka fita. Da yamma ina harhaɗa kayan aiki sai ga matar da kanta a ƙofar shagona, ta ce in fito gefe.

Ta ce mutumin Legas yana gari. Ya buɗe saƙon da safiyar Laraba, ya ga ya fito daga adireshin da mahaifinsa ke aiko masa, da Hausa, an ce ɗana, an ce mahaifiyarka, an rufe da mahaifinka. Ya yi ta kiran gida tarho ba ya shiga. Ya bar ofis ya hau motar Kano, daga Kano ya kamo ta Potiskum, ya iso da yammacin Alhamis. Ya shiga gida ya tarar da tsohuwarsa a tsakar gida tana yi wa mai kawo ruwa faɗa, lafiyarta ƙalau. Bai yarda ba, ya ɗauka ɓoye masa ake yi, sai ya fito da takardar ya karanta a gaban duk wanda ke gidan. Da safiyar nan ya zo shagon yana neman wanda ya aiko. Ta ce masa kuskure ne, an kuma rubuta masa ban haƙuri, amma suna ba za ta faɗa ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce zai dawo gobe, jibi zai koma.

Ta ce in na ga dama in yi zamana, daga bakinta dai babu wanda zai ji.

Na kai wa mai ɗakina maganar. Ni a raina na fi karkata ga yin shiru, domin alkawarin da na yi mata shi ne a gabana. Ta saurara har ƙarshe, ta sa na maimaita mata inda ya hau mota da inda ya sauka. Sai na ga tana dariya, hawaye kuma yana zuba.

"Malam, ɗa ɗaya na ce ka gaya wa, ka je ka samo mini na biyu."

Sannan ta ce in je. Yaron mutane ya yi kwana biyu a hanya yana kuka a kan ciwonta, ba zai yiwu a bar shi da takarda ba, sai ya ga fuska. Na tuna mata abin da hakan zai iya jawowa. Ta ce ta sani. Ta ƙulla ƙuli-ƙuli a leda ta ce in kai masa.

Asabar da hantsi muka haɗu a bayan shagon, inda suke ajiye janareta. Zai yi shekara talatin, dogo ne, idanunsa sun faɗa. Matar ta buga masa ban haƙurin a takarda, tunda ainihin saƙon yana can Legas yana jiransa. Ya karanta a tsaye. Ni duk maganar da na shirya a hanya ta tsere, sai na ce ni ne na rubuta, da wannan da wancan, ya yafe mini. Na fara durƙusawa ya riƙe ni.

"Haba, Baba. Ni na zo na tarar da tawa lafiya. Kai ne za ka koma gida ka tarar da marar lafiya."

Ya ciro takardar farko daga aljihun gaba. Ta yi laushi saboda ninkewa da buɗewa, gumi ya ɓata gefenta. Ya miƙo mini. Ya ce da ya isa ofis zai goge, ya goge na kwandon ma, abokan aikinsa kuma babu mai jin Hausa. Ya ce sunana ba zai fita daga bakinsa ba, amma ba zai ɓoye mini ba, ranar Alhamis akwai mata kusan shida a tsakar gidansu, sun kuma ji Maiduguri, sun ji wancan mako. Ya tambayi inda ɗana yake, na gaya masa. Sai ya ce shi ɗan nawa ba shi da motar da zai hau ya zo. Da na ba shi ledar na ce daga ita ne, ya karɓa da hannu biyu, ya juya ya kalli janareta.

Ranar Laraba amsarsa ta shigo. Matar ta buga mini, na karanta da kaina, layi biyu ne. Ya goge a wuri biyun, yana gaida Mama. Ta yaron nan ta riga ta zo tun Litinin, doguwa ce, na yi kwana uku ina karanta wa mahaifiyarsa.

Na yi imani har yau mutumin nan ya cika alkawari. Amma Potiskum ba Legas ba ce. Labarin wanda ya taso daga Legas a kan saƙon da ba nasa ba ya zaga gidajen biki, mata kuma suka shiga lissafin wace ce ta je Maiduguri a makon nan, wace ce ke da ɗa a nesa, wace ce ta rame. Ba mu da yawa.

Wata Lahadi maƙwabciyarmu ta shigo sayen mai. Mace ce da suka shekara ashirin suna tsokanar juna, ba ta shigowa sai ta ce man ya yi ƙauri. Ran nan ta yi sallama a hankali, ta yaba man, da mai ɗakina ta sunkuya za ta ɗauki galan sai ta yi wuf ta riga ta. Ina zaune a zaure ina jin su. Da ta fita, mai ɗakina ta leƙo ta ce mini, "An ji." Washegari ta sa na raka ta Damagum, ta shiga ɗakin mahaifiyarta ta rufe ƙofa, ta gaya mata da bakinta kafin wani ya riga ta. Na zauna a waje ƙarƙashin dalbejiya har la'asar.

Daga nan gidan bai ƙara zama babu mutane ba. Suna zuwa da kunu, da rubutu, da sunayen masu magani. Suka karɓe mata turmi da kasko. Ta karɓi kowa da fara'a, takan ma tsokane su ko za su rama, ba sa ramawa. Ban taɓa jin ta ɗora mini laifi ba, ko da wasa. Sau ɗaya na tayar da maganar, ta ce in bar ta, ta tambaye ni ko na ci gaba da zuwa aji. Na ce na daina. Ta ce in koma, na koma.

Ta rasu bayan wata bakwai. Wata biyu ta roƙa na zaman da ta saba, kwana goma sha biyu ta samu daga ranar da na aika saƙon. Ɗan mutane ya yi kwana huɗu a hanya, zuwa da komawa, biyu daga ciki yana ganin ya rasa uwa. Yaron nan ya ji labari a makare da kwana uku. Gyaɗar kakar nan buhu huɗu ce, ba ta matsa ko ɗaya ba.